Me Ya Sa Kwano, Fayif Da Tayil Ke Tsagewa A Zafin Rana?

Duk wanda ya zauna a ɗakin kwano a watan Afrilu ya san ƙarar "ƙas-ƙas" da rufi ke yi da hantsi, ya sake yi bayan magariba. Kwanon ne ke miƙewa idan ya ɗauki zafi, ya koma ya tsuke idan ya huce. Zafi yana sa ƙwayoyin da suka haɗu suka yi abu su ƙara motsi, kowace ta ɗan nisanci 'yar'uwarta, sai tsawon abin ya ƙaru.

Miƙewar kanta ba ta fasa komai. Ɓarna tana zuwa ne idan abu ya so miƙewa aka hana shi wuri, ko da ƙusa, ko da siminti, ko da bango.

Yadda ake lissafawa

Kalkuletar waya ta isa a yi wannan lissafi:

```
ΔL = α × L × ΔT
```

ΔL shi ne ƙarin tsawo. L tsawon abin ne a mita, ΔT kuma bambancin zafinsa tsakanin asuba da tsakar rana. Shi kuwa α yana nuna milimita nawa mita ɗaya ke ƙaruwa idan zafi ya hau da digiri ɗaya. Na ƙarfe kimanin 0.012 ne, na alminiyum 0.023, na fayif ɗin roba na PVC 0.07, na tayil kuma wajen 0.007.

A lura, zafin abin ake nufi, ba na iska ba. Ranar da waya ta nuna digiri 40 a Kano, kwanon da ke cikin rana zai iya kai digiri 70.

Kwano

A ɗauki dogon kwanon alminiyum mai mita 10. Da asuba yana digiri 25, da azahar ya kai 70, bambanci 45 ke nan. Lissafin shi ne 0.023 × 10 × 45, wato milimita 10 da ɗoriya, kusan santimita guda a kullum. Da na ƙarfe ne, kimanin rabin haka zai yi.

Ƙusa tana kafe a katako, kwano kuwa yana kai da komo. A hankali ramin ƙusar ya yi tsawo, ko ya tsage ta gefe, sai damina ta zo ruwa ya samu hanya. Idan aka ga ramin ya miƙe ta tsawon kwanon, aikin zafi ne. Maganinsa shi ne ƙusa ko sukuru mai wosha ta roba, kuma kada a danne ta har ta lotsa kwanon.

Fayif

Roba ta fi su duka motsi. Fayif mai mita 6 da ya sauko daga tanki a jikin bango, babu ruwa na gudu a ciki, zai iya tashi daga digiri 25 zuwa 60. Wato 0.07 × 6 × 35, kusan milimita 15.

Idan an binne bakinsa biyu a siminti, sai ya lanƙwashe a tsakiya ko ya tura gwiwar da aka manna da gam. Shi ya sa yoyo ya fi farawa a mahaɗa. Ya kamata abin da ke riƙe shi a bango ya bar shi ya ɗan zame, a kuma bar kwana mai sarari. Fayif ɗin da ya koɗe, yake fashewa da an buge shi, wannan hasken rana ne ya cinye robar tsawon shekaru. Farin fenti ko inuwa na rage matsalolin biyu.

Tayil

Tayil na baranda mai mita 5 milimita ɗaya kacal zai ƙaru idan zafinsa ya hau da digiri 30. Amma tayil ba ya lanƙwasa, kuma yana riga kankaren ƙarƙashinsa yin zafi, musamman baƙi. Idan an jera shi ba tazara, an kuma matse shi da bango, wannan milimita ɗaya ba ta da wurin zuwa. Sai guda biyu su tura juna su ɗago kamar bukka, wani lokaci da ƙara mai firgitarwa.

Ana iya ganewa tun da wuri. A ƙwanƙwasa da kwabo: wanda ya yi ƙara kamar fanko ya riga ya saki. Idan kuwa tsaga ɗaya ce ta ratsa tayil da yawa a jere, galibi kankaren ƙasa ne ya tsage.

Mai sa tayil ya bar tazarar kimanin milimita 3 tsakaninsu, da aƙalla milimita 6 a gindin bango. A waje kuma, bayan kowace mita 3 ko kusa da haka, a bar layi ɗaya a cike shi da silikon maimakon siminti, domin shi yana matsuwa ya dawo.