Me ya sa maltigirid ya fi maimaici sauri?

Amsar tambayar wani ɗalibin lissafi daga Baure game da ma'aunin Poisson, −Δu = f, a fili mai murabba'i ita ce, maimaicin Gauss-Seidel yana gaggawar share kuskure mai zigizagi, wato mai yawan hawa da sauka, inda kowane zagaye ke rage shi aƙalla da rabi, amma kuskure mai santsi da ƙyar yake motsawa. Shi ya sa dabarar maltigirid, wadda Achi Brandt ya inganta a 1977, take mayar da ragowar lissafin kan raga mai manyan idanu, inda santsin ke zama zigizagi. Kowace raga tana da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗigogin wadda ta gabace ta, saboda haka aikin dukkansu bai kai 4/3 na aikin ta farko ba, kuma yawan zagayen da ake bukata ba ya ƙaruwa da yawan ɗigogi. Mai tambaya ya gwada da kansa.