Yadda Ake Yankan Ƙwallo da Bayan Hannu a Tanis, da Dalilin da Ya Sa Take Kwanciya Ƙasa

Yawancin masu koyon bugun yanka, wanda 'yan wasa ke kira silayis, suna ɗauka juyin baya ne kaɗai ke sa ƙwallo ta kwanta idan ta sauka. Shi ya sa za ka ga mutum yana saran ƙwallo daga sama zuwa ƙasa da dukkan ƙarfinsa, ita kuwa ta tashi sama a hankali, ta sauka, ta tsaya daidai ƙugun abokin karawa, shi kuma ya narka mata duka. Juyin yana nan, har ya yi yawa, amma ƙwallon ba ta kwanta ba. Abin da ke kwantar da ita shi ne yanayin saukarta, kuma gara ka fahimci wannan tun kafin ka ɗauki raket, domin duk matakan bugun a kansa aka gina su.

Ƙa'idar Hukumar Tanis ta Duniya ta ce idan aka saki ƙwallo daga tsayin santimita 254 a kan siminti, dole ta tashi tsakanin santimita 135 da 147. Wato tana dawo da rabin tsayin da ta faɗo daga gare shi, da ɗan ɗoriya. Wannan lissafin yana bin ƙwallo har cikin wasa. Wadda ta gangaro daga sama sosai za ta tashi sosai, wadda ta zo a miƙe kusa da ƙasa ba ta da abin da za ta tashi da shi.

To ina aikin juyin baya? Aikinsa a iska yake. Idan ƙwallo tana tafiya gaba alhali tana juyawa baya, iska na ɗan tallafe ta daga ƙasa, abin da masana ke kira tasirin Magnus. Tallafin nan ne ke ba ka damar buga ta a miƙe, ta wuce raga da ƙyar, kuma ta kai har ƙarshen fili ba ta faɗi a hanya ba. Ɗauki misali. Tsayin raga a tsakiya santimita 91 ne da 'yan kai. Idan yankanka ya wuce ta da santimita 30, ƙololuwar tafiyar ƙwallon kusan mita 1.2 ke nan, kuma bayan sauka da wuya ta wuce santimita 65 zuwa 70, wataƙila ma ta gaza haka tunda iska ta rage mata saurin gangarowa. Wannan bai fi gwiwar babban mutum da yawa ba. Bugun juyin gaba kuwa, wanda ake kira tofsifin, yakan hau mita 2 ko fiye, iska ta ƙara danno shi ƙasa, ya sauka da ƙarfi ya tashi har ƙirji ko kafaɗa.

Ga wani abu da ba kasafai ake faɗa ba. A lokacin da ƙwallo ta taɓa ƙasa, juyin baya ba ya taimakonka, birki yake zama. Ƙasan ƙwallon yana gogar fili da sauri fiye da na ƙwallon da ba ta juyi, sai ta yi ta zamewa tana asarar gudu, juyin ya ragu, sau da yawa ma ya rikiɗe ya koma na gaba. Idan ta zo da gudu kuma a kwance, asarar ba ta kai ta hana ta sulalewa ba. Idan kuwa ta zo a hankali daga sama, birkin ya cinye gudunta na gaba, tsallen ya rage, sai ta tsaya cak. Haka ake so a ɗan gajeren bugun nan da ake ajiyewa bayan raga, amma a yanka mai zurfi kyauta ce ka ba abokin karawa. Saboda haka burinka shi ne gudu gaba da miƙewa, juyi kuma daidai gwargwado.

Yanzu ga bugun. Bayanin na mai hannun dama ne, bahago ya juya shi.

Fara da riƙo. Tsayar da raket a kan gefenta, igiyoyin suna kallon hagu da dama, ka kama mariƙin kamar ka ɗauki guduma za ka buga ƙusa da gefen raket ɗin. Wannan shi ne riƙon kwantinental, wanda ake sabis da shi. Ka ɗan raba yatsan manuni da sauran, kada ka dunƙule hannu. Wanda ya bar raket a riƙon da yake bugun gaban hannu zai ga fuskarta ta buɗe tana kallon sama, kuma komai ya yi ƙwallon sama za ta yi.

Da zarar ka ga ƙwallo ta nufo hagunka, juya kafaɗu, ba hannu kaɗai ba. Hannun hagu yana riƙe da wuyan raket, shi ne ke kai ta baya da sama, har kan raket ɗin ya kai tsayin kafaɗarka ta hagu ko ya ɗan ɗara. Gwiwar hannun dama a lanƙwashe take, haɓarka tana kan kafaɗar dama, abokin karawa yana hango wani ɓangare na bayanka. Idan ƙirjinka har yanzu yana kallon raga, ba ka juya ba tukuna, kuma ƙarfin da ya kamata ya fito daga kafaɗa za ka neme shi a wuyan hannu, inda babu shi.

Sai taku. Ƙafar dama ta shiga gaba zuwa inda ƙwallon take, nauyin jiki ya koma kanta kafin bugu. Kada ka yi gicciye da yawa, domin takun da ya tafi gefe kawai yana kulle ƙugu ya hana nauyinka bin ƙwallo.

Lilon hannu shi ne inda ya kamata ka daɗe. Raket tana sauka daga sama, gaskiya ne, amma gangaren mai sauƙi ne, tafiyarta gaba ta fi saukarta yawa. Gwiwar hannu tana miƙewa a hanya, ta kusa miƙewa gaba ɗaya lokacin haɗuwa da ƙwallo. Wurin haɗuwar yana gefenka, daidai ƙafar gaba ko ɗan gaba da ita kaɗan, bai kai nisan da ake tarar ƙwallo a bugun tofsifin ba. Fuskar raket a wannan lokacin kusan a tsaye take, buɗewarta ba ta wuce digiri 10 zuwa 15 a ƙwallon da ta zo tsayin ƙugu. Mutane da yawa ba sa yarda da wannan, saboda a talabijin suna ganin raket a buɗe kafin bugu, su kuma gan ta a buɗe bayansa, sai su ɗauka haka take a tsakiya. Kalli bidiyon Roger Federer ko na Steffi Graf da aka rage wa sauri, ka tsayar da shi daidai haɗuwa, za ka ga igiyoyin suna bayan ƙwallon ne, ba ƙarƙashinta ba. Wuyan hannu ya zauna a ƙage, kusurwar da ke tsakanin raket da damtse kada ta canja. Ba sai ka wahala wajen neman juyi ba. Ƙwallon da ta yi tsalle ta nufo ka tana juyawa gaba, kuma idan ka mayar da ita, wannan juyin shi ne juyin baya a sabuwar hanyarta. Kai ɗorawa kawai kake yi a kan abin da ta zo da shi.

Yayin da hannun dama ke tafiya gaba, na hagu ya saki raket ya tafi baya, ƙirji ya buɗe, kafaɗu su zauna a gicciye har ƙwallon ta bar igiya. Hannun hagun nan ne ke hana jiki juyawa da wuri. Raket ta bi ƙwallo zuwa inda kake nufi, sannan ta ɗan taso da kanta.

Tsayin ƙwallo yana canja lissafin. Wadda ta zo ƙasa da gwiwa, durƙusa mata da ƙafafu, ka ƙara buɗe fuskar raket, lilon ya zama kusan a kwance, tunda dole ta hau kafin ta wuce raga. Wadda ta zo kafaɗa ita ce abincin yanka: fuska a tsaye, gangare ya ƙaru, ka danna ta ƙasa. Shi ya sa masu bugun bayan hannu da hannu ɗaya ke fakewa da yanka idan tofsifin ya yi musu tsalle sama.

Ƙwallon da kanta za ta gaya maka inda kuskure yake. Idan tana shawagi sama tana sauka a hankali, fuska ta buɗe da yawa, ko nauyinka ya tsaya a ƙafar baya. Idan tana juyi sosai amma tana faɗuwa kusa da layin sabis ba gudu, sara kake yi, ka ƙara tafiya gaba. Idan tana shiga raga, fuskar ta rufe. Idan tana ficewa gefe ta hagunka, ka makara; idan ta damanka ce, kafaɗu sun buɗe da wuri. Kunne ma yana da aiki, domin yanka mai kyau yana da sauti mai kauri, na sara kuwa siririn kartar igiya kawai za ka ji.

Wajen atisaye, ɗaura igiya a saman raga da tazarar santimita 50, wani ya riƙa jefo maka ƙwallo a tsayin ƙugu. Aikinka ta bi tsakanin raga da igiyar, ta sauka bayan layin sabis, wanda ke mita 6.40 daga raga. Fara da bugun da ke ratsa fili a karkace, domin can raga ta fi gajarta, hanya kuma ta fi tsawo. A jikin sandunan raga tsayinta mita 1.07 ne, kuma bugun da ke bin layi ta kusa da nan yake wucewa. Ka sa abokinka ya tsaya a layin baya ya faɗa maka inda ƙwallon ta iske shi. Gwiwa ko ƙasa da haka, ka yi daidai. Ƙugu, da saura. Idan babu abokin atisaye, bango ya isa: ja layi da alli a santimita 91, wani a 140, ka riƙa bugawa tsakaninsu.

Kada ka yi mamaki idan bugu ɗaya ya ba ka sakamako biyu a fili biyu. Ciyawa tana da santsi kuma ba ta mayar da ƙwallo sama sosai, shi ya sa yankan Ashleigh Barty ya addabi abokan karawarta a Wimbledon ta 2021 da ta lashe. Jar ƙasa irin ta Roland Garros tana kama ƙwallo, birkin ya yi ƙarfi, yanka ya taso fiye da yadda kake so, don haka a can sai ka ƙara gudu da zurfi. Filin siminti yana tsakiya, ya danganta da kaushinsa: sabon fenti mai yashi yana riƙe ƙwallo, tsohon da ya goge yana sake ta, haka ma idan ƙurar hunturu ta kwanta a kai. Buga yanka biyar ko shida lokacin ɗumama jiki ka ga inda suke kaiwa a jikin abokin karawa, sannan ka san yawan gudun da filin ranar yake buƙata.