Wasiƙar Imel ta Neman Gyaran Maki

A ce ɗaliba ta koma gida Buza hutu, nesa da jami'a, sai ta ga an rubuta mata 04/20 a darasin ilimin furuci, alhali takardar jarrabawarta na ɗauke da 14/20. Kuskuren alƙalami ne, amma ya yi ɓarna: 14 da 11 na darasin da aka haɗa su, in nauyinsu ɗaya ne, matsakaicinsu 12,5. Da 04 kuwa ya faɗo 7,5, ƙasa da 10 da ake bukata.

Shugaban sashe za ta rubuta wa, da Faransanci. A layin "Objet" ta sa "Réclamation de note", da sunan darasin da lambar rajistarta. Bayan gaisuwa ta ambaci shekarar karatu, da zangon, da makin biyu, ta haɗa hoton takardar jarrabawar.

Wajen lafazi ɗalibai ke tuntuɓe. "Kun yi kuskure" zargi ne, "an rubuta 04" kuwa bayani ne, domin wakilin sunan "an" ba ya nuna kowa da yatsa. A Faransancin ma ta sakaya mai aikatawa. Ta roƙi a duba takardar makin da malamin ya miƙa, domin da ita za a gwada.