Amsar Tambaya: Rukunin Tsofaffin Ɗalibai da Lambobin Mata

Wata malama daga Zariya da ke kula da rukunin WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, mutum 600, ta rubuto cewa baƙin maza sun fara kiran matan rukunin da dare. Tana tambaya: ta ina lambobin suka fita?

Amsar tana cikin ginin manhajar. A rukunin WhatsApp, wanda ke ɗaukar mutum 1,024, duk wanda ya shiga yana iya buɗe jerin mambobi ya kwashi lambobi. Idan mahaɗin gayyata ya taɓa fita waje, ko sau ɗaya, baƙo zai shiga, ya kwafa, ya fice kafin a ankara. Daga nan sai ya ajiye lambar ya ga hoton fuskar mai ita, muddin ta bar shi a buɗe ga kowa. Da wannan hoton ake buɗe asusun bogi a roƙi danginta kuɗi, abin da ya fi kiran dare muni nesa ba kusa ba.

Malamar ta fara da Reset link, domin tsohon mahaɗin ya mutu nan take, sannan ta kunna Approve new members, yadda ba mai shiga sai da amincewarta. Lambar da babu ɗan ajin da ya shaide ta, a cire ta.

Ikonta dai ya tsaya nan. Hoton fuska na mai shi ne: kowacce ta shiga Privacy ta mayar da Profile photo zuwa My contacts. Hoton biki kuwa, da zarar an tura shi a rukunin ya sauka a wayoyi, gogewa daga baya ba lallai ta cire shi daga ma'ajiyar kowa ba.