Kullum ana buɗe ofis a makare

Tambaya: Mu shida ne a ofishinmu a Yelwa. Uku daga Shanga da Ngaski suke zuwa, kullum sai sun makara. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, laifin ba na rago ba ne kaɗai. Mai fitowa daga Shanga ko ƙauyukan Ngaski sai ya jira mota ta cika, sannan ta shiga layin manyan motoci a hanyar Kwantagora zuwa Jega. Faɗa ba ya cika mota.

Raba su gida biyu. 'Yan cikin gari uku su buɗe da ƙarfe 8, su tashi ƙarfe 4. Na nesa su iso ƙarfe 10, su rufe ƙarfe 6. Kowa ya yi awa takwas, ƙofa kuwa a buɗe awa goma. Taro da duk aikin da ke bukatar kowa, ka sa shi tsakanin 10 da 4.

Inda abin yakan lalace shi ne makulli da sa hannu. In mai hatimi yana rukunin 10, wanda ya zo da sassafe zai zauna a benci awa biyu yana kallon ma'aikata, ka ga ba a yi komai ba ke nan. Don haka kowane rukuni ya samu mai makulli da mai ikon sa hannu.

Sai dai ka tambayi na nesa: in sun tashi ƙarfe 6, akwai motar komawa? Da damina, ko in mutum yana tsoron dare ya yi masa a hanya, mayar da su 9 zuwa 5. In ofishin gwamnati ne, nemi amincewar na sama a rubuce tukuna.