Jarkar Ruwa da Bayan Ɗalibi

A darasin motsa jiki da nake koyarwa a makarantar kwana, kayan aikina na koyar da ɗaukar kaya su ne jarka da sanda. Jarka mai lita 25 idan ta cika nauyinta ya kai kilo 25, domin kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Yarinyar da ba ta wuce kilo 40 ba takan cicciɓi wannan daga bakin famfo zuwa ɗakin kwana, fiye da rabin nauyin jikinta ke nan.

Ce wa yara "ku lanƙwasa gwiwa" bai isa ba. Za su lanƙwasa, amma bayan ya gantsare ko ya ƙudundune, jarkar kuma tana can nesa da ƙafa. Nisan nan shi ne babbar matsala: idan tazarar kaya daga kwankwaso ta ninka, ƙarfin da yake jan bayan ma ya ninka, ko da nauyin bai ƙaru ba.

Shi ya sa nake farawa da sanda. Ɗalibi zai ɗora ta a bayansa ta taɓa wuri uku: ƙeya, tsakanin kafaɗu, da ƙarshen ƙashin baya. Sai ya tura ƙugu baya kamar mai shirin zama a kujera, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, ƙirji ya sauko. Da zarar sandar ta rabu da ɗaya daga cikin ukun, abokinsa zai ce "ta tashi", a sake. Yaro ba ya ganin bayansa, amma yana jin sanda.

In wannan ya zauna, sai jarka, kuma da wofi ake farawa, sannan rabi. A ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, jarkar tana tsakaninsu. A girgiza ta tukuna a ji nauyinta. A ɗaure ciki, a taka ƙasa da ƙarfi, ƙugu da ƙirji su tashi tare. Wurin juyawa nake fi tsayawa a kansu, domin nan yara suka fi kuskure: suna murɗa kwankwaso da kaya a hannu. Ƙafa ce za ta juya, jiki ya bi ta. Ƙananan ɗalibai kuwa ba na yarda su ɗauki cikakkiya su kaɗai. Su kama su biyu, ko a raba ruwan a bokiti biyu, ɗaya a kowane hannu.

Ba na tsorata su da cewa baya abu ne mai saurin karyewa. Yawancin ciwon baya yana lafawa cikin 'yan makonni, kuma tafiya da motsi sun fi kwanciya amfani. Amma idan ciwon ya sauka zuwa ƙafa har ta mutu ko ta rasa ƙarfi, ko yana tashin yaro cikin dare tare da zazzaɓi da rama, asibiti za a kai shi. Wanda ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida kuma, a ranar za a tafi da shi.