YABON KAI JAHILCI NE, TO YAYA ZAN RUBUTA TARIHINA?

Matasanmu na Dawakin Kudu suna yawan yi min wannan tambayar, domin mun taso ana kwaɓar mai yabon kansa.

Suratun Najmi, aya ta 32, ta hana mutum tsarkake kansa. Amma a Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf (AS) ya nemi riƙon taskokin Masar, ya faɗi siffofinsa biyu kacal, tsare amana da sani, waɗanda aikin yake buƙata. Malamai suka ce wannan ya halatta idan ba a san ka ba, kuma akwai maslaha.

Misali, kana neman riƙon ma'ajin ƙungiyar manoma a Kura. Kar ka rubuta "ni ba kowa ba ne", sai a ba wanda bai iya ba, takin jama'a ya salwanta. Kar kuma ka ce "babu kamata". Rubuta: "Shekara 6 ina noman rani a Kadawa, shekara 2 ina riƙe lissafin takin ƙungiyarmu."

Ma'aunin shi ne: duk jimlar da ba mai iya shaidarta, ko ta ɗora ka a kan wani, goge ta.

Wallahu a'alam.